Tarkon da na ɗana da hannuna

Da jarrabawar JAMB ta matso, sai Yaya ta ce in riƙa tara yaran gidanmu da na maƙwabta a zaure bayan la'asar ina yi musu bitar Hausa, tunda ni ne mai digiri. Na karɓa da izza. Na shaida musu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya, don haka ba na son mai nawa. Har doka na kafa: duk wanda ya faɗi tambaya mai sauƙi, shi zai sayo wa kowa awara.

Da daddare na zauna na tsara musu wata tambaya ta mugunta, ina murmushi ni kaɗai. Ga ta: Wanne ne ba gaskiya ba game da Abubakar Imam? A, shi ya rubuta Ruwan Bagaja. B, an haife shi a Kagara. C, shi ya rubuta Shaihu Umar. D, ba shi ya rubuta Ganɗoki ba.

Bayan 'yan kwanaki na zaro takardar, na riga na manta da muguntar. Na karanta da sauri don in nuna musu yadda gwanaye ke yi. Idona ya tsallake "ba" na farko, ya tsallake na biyu, ya dira a kan Ruwan Bagaja kamar wanda ya hango ɗan garinsu a tasha. Na bugi allo na ce, "A! Ko jariri ya san wannan."

'Yar Yaya ta ɗaga hannu. "Kawu, to B fa? Ai a Kagara aka haife shi."

Na ce lallai B ma daidai ne. Na yi gyaran murya, na fara zagin wanda ya tsara tambayar, na ce ba shi da ilimi, ya za a yi amsa biyu a tambaya ɗaya? Sai wani yaro ya leƙa takardar ya ce, "Malam, ai rubutunka ne."

Da na tsaya a nan da na tsira, domin alamar ke nan. A tambaya ta yau da kullum zaɓi ɗaya ne gaskiya, uku ƙarya. Wadda aka kore kuwa juyawa take yi: uku gaskiya, ɗaya ƙarya, kuma ƙaryar ake nema. Duk lokacin da ka ga amsa biyu suna yi maka fara'a, koma kan tambayar, akwai "ba" ko "ban da" da ka taka ka wuce.

Na koma na karanta, na ce dama gwada su nake yi. Na ce yanzu ƙarya muke farauta. A gaskiya ne, B gaskiya ne. Da na zo C na tsaya ina baje kolin ilimi, cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta Shaihu Umar, kuma littafin nan da Ruwan Bagaja duk gasar rubutu ta 1933 ce ta haife su. Kafin in gama surutu na manta abin da nake farauta. Na hango "ba" a cikin D, na ce ai ga korewa nan ta sami 'yar'uwarta. "D!"

"Kawu," in ji yarinyar, a hankali kamar mai lallashi, "Bello Kagara ne ya rubuta Ganɗoki. Ke nan cewa ba Imam ba ne ya rubuta shi gaskiya ce."

Sai ta nuna mini dabararta. A gaban kwamfuta ba ka iya ja wa kalma layi, don haka da yatsu take aiki. Da ta ga tambayar korewa ce, sai ta buɗe yatsu huɗu na hagu, kowane zaɓi da yatsansa. Ba ta tambayar kanta wace ce amsa. Tambaya ɗaya take yi wa kowace jimla: gaskiya ce ko ƙarya? In gaskiya ce ta lanƙwashe yatsa, ko da jimlar tana ɗauke da nata "ba". A ya kwanta, B ya kwanta, D ya kwanta, yatsan C ya rage a tsaye, kuma yatsa ba ya mantuwa. Ta ce in biyu suka rage a tsaye, to wannan ba matsalar karatu ba ce, akwai abin da ba ka sani ba, sai ka zaɓa tsakanin biyun ka wuce.

Doka dai doka ce. Na tafi bakin titi da yara a bayana suna waƙa. Mai awara ta ƙulla leda biyu, ta ce, "Malam, wacce ba za a zuba wa yaji ba?" Ni mai son yaji ne, jin kalmar kawai na nuna tawa da sauri. Haka na zauna ina cin awara lami, yarinyar nan tana tsaye a kaina da yatsa ɗaya a miƙe.