Yadda Yaya ya shiga hoton Sallah yana Jidda

Ni aka ɗora wa jawabin, don ni na jawo maganar tun farko. Mako uku bayan ƙaramar Sallah aka yi taron zumunci a gidanmu na Kano, aka jingine hoton dangi a kan kujera an lulluɓe shi da zani kamar amarya. Mutum talatin da huɗu ne a ciki, amma talatin da uku ne kawai suka tsaya a gaban mai hoto da kawunansu. Da aka yaye zanin aka gama yaba firam, sai na miƙe.

"Iyaye da 'yan'uwa, kun ga Yaya a layin baya, kusa da Baffa. To ba ya nan ranar. Yana Jidda, kafilinsa bai sake shi ba. Hajiya ce ta ce ba za a rataye mata hoton 'ya'yanta a ɗaki babu ɗan fari ba. Shi ne muka tsayar da ɗan Baffa a gurbinsa sanye da anko, daga baya mai hoto ya cire kansa ya ɗora na Yaya. Yaya ya sani, ya yarda. Na faɗa ne don kada gobe wani ya ce ya zo gari bai je gaishe shi ba. Allah ya bar zumunci."

Bai kai minti ɗaya ba. Na zauna ina ganin na sauke nauyi, ashe tsokano tsuliyar dodo na yi.

Wadda ta fara motsi ita ce mai tsoron mugun fata. Gwaggo ce, ta dafe ƙirji tana salati, wai ita a saninta mamaci ake liƙawa a gefen hoto, a faɗa mata gaskiya in wani abu ya samu yaron. Sai da aka kira shi a bidiyo ta gan shi yana cin shinkafa sannan ta sake salati, wannan karon saboda ramar da ya yi.

Sai mai fatawa, wanda a kowane taro akwai shi. Ya yi gyaran murya ya tambaya ko wannan ba shaidar zur ba ce. Na ce Malam ai shi ya sa na tashi na yi bayani, wanda ya sanar bai yaudari kowa ba. Na kuma tuna masa hoton da ke falonsa, wanda ya ɗauka a hajjinsa na farko a gaban labule mai zanen Ka'aba, a wani shago da ke nesa da Harami. Ya ce wannan daban. Bai faɗi ta inda ya bambanta ba, ya koma kan furarsa.

Amma gwarzon ranar Kawu ne, mai bincike. Shekara talatin ya yi yana duba littattafan kuɗi a ma'aikata, ya yi ritaya, idon bai yi ba. Kafin jawabina da kunnena na ji shi yana cewa yaron nan ya yi kyau, zaman Saudiyya ya karɓe shi. Ina gama magana sai ga shi ya ɗaga yatsa: "Ni tun daga ƙofa na gane." Ya cire tabarau ya goge da gefen babbar riga, ya sa aka kawo masa hoton kan cinya, ya kunna tocilar waya da rana tsaka.

Abin haushin, ya san inda ake dubawa. Ya fara da haske. An ɗauki hotonmu bayan la'asar a tsakar gida, rana ta karkata, don haka kowa inuwar hancinsa ta faɗi gefe ɗaya. Kawu ya bi hanci talatin da huɗu ɗaya bayan ɗaya da farce, yana neman wanda inuwarsa ta saɓa. Bai samu ba, kuma ba sa'a ba ce, wahala muka sha. Hoton farko da Yaya ya turo, da kansa ya ɗauka a cikin shagon da yake aiki, ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki. Haske daga sama, idanu sun faɗa rami, hanci ya yi girma saboda wayar ta matso kusa da fuska. Ga shi ta WhatsApp ya turo yadda aka saba, ita kuwa matse hoto take yi, mai hoto na faɗaɗa shi don ya kai girman inci 16 da 20 sai fuskar ta farfashe kamar tsohon bango. Ya ce in ya ɗora wannan, makaho ma zai gane. Dole muka sa Yaya ya fita waje shi ma bayan la'asar, da hula a kansa, ya juya yadda rana za ta bugi kuncinsa na dama kamar namu, wani ya tsaya nesa da shi taku huɗu ya riƙe wayar daidai idonsa, sannan ya turo ta `Document` don kada a matse. Sau uku ana maimaitawa. A na biyu ya yi dariya, mu kuwa duk mun ɗaure fuska irin ta hoton dangi, da an ɗora da sai a ce shi kaɗai aka ba goron Sallah.

Da haske ya ƙi ba Kawu abin da yake so, sai ya gangara ƙasa. A nan ne galibi asiri ke tonuwa: in aka yanko mutum sukutum aka dasa, ƙafarsa ba ta taka ƙasa, yana shawagi kamar aljani, babu inuwa a ƙarƙashin takalmi. Wannan ne dalilin tsayar da ɗan Baffa. Ƙafa ta gaske ce, inuwa ta gaske, hannun Baffa da ke kan kafaɗarsa ma na gaske. Kawu ya yi tsaki ya hauro sama. Can kuwa ya dace. Yaya ya fi ɗan Baffa haske, mai hoto ya daidaita launin wuya da fuska a Photoshop amma ya manta da hannuwa. "Fuska Bafulatani, hannu Bamaguje!" in ji Kawu, yana dube-dube ko za a tafa masa.

Da ya tsaya nan da na sara masa. Ina! Tunda an tabbatar masa mutum ɗaya na ƙarya ne, sai kowa ya zama abin zargi. Ya ce kan Gwaggo ya yi wa jikinta girma. Gwaggo ta ce ɗaurin ɗankwali ne, kuma ita ce ta taka masa ƙafa ranar, ko ya manta? Ya ce jaririn da ke hannun amaryar gidan kamar ɗauko shi aka yi daga kalanda. Daga nan ya shiga tarihi, ya ba mu labarin yadda a zamanin Stalin aka goge Yezhov daga hoton da suka ɗauka tare a bakin ruwa bayan an kashe shi a 1940, ya ce daga irin wannan ake farawa. Na ce Kawu, can cirewa aka yi, mu ƙarawa muka yi. Ya ce duk hannu ɗaya ne ke yi. Har aka kira magariba yana riƙe da hoton, ya koma kan nasa hoton yana tambayar ko wannan kunnen nasa ne.

Masu ƙananan buƙatu kuwa layi suka yi. Akwai mai "tunda ana iyawa": a rage mata haɓa, a buɗe idon mijinta da ya ƙifta, a mayar wa yaronta takalmin da ya cire. Akwai mai neman a cire, wanda ya matso ya raɗa min ko za a iya ɗauke wata daga layin zaune, tunda a cikin mako ukun nan ta tafi gidansu kuma alamu ba su nuna za ta dawo ba. Na ce ya bari idda ta cika tukuna. Akwai mai lissafin adalci, da ta tambaya me ya sa ba a sa nata ɗan da ke Legas ba, ko shi ba jinin gidan ba ne? Ɗan nata yana hoton, layi na biyu, ita ce ba ta gane shi da gemu ba. Shi kuwa ɗan Baffa zama ya yi a lungu yana nuna wa yara agogonsa a hannun Yaya, yana cewa ya sha rana awa guda, ya biya kuɗin ɗinki, a ƙarshe an yi hoton dangi babu shi. Wannan dai yana da gaskiya, kuma har yau ban san yadda zan biya shi ba.

Duk waɗannan na yafe musu tun a wurin. Wadda ban yafe wa ba ita ce mai gugar zana. Ba ta kalli hoton da kyau ba ma. Tana yagar naman kaza ta ce, ba da ƙarfi ba amma daidai yadda Hajiya za ta ji: "Ai gara haka. Wanda ya ga duniya ya manta gida, ko kansa aka samu an gode." Aka yi shiru. Ta san sarai mutumin nan shekara huɗu ke nan yana kwana da mutum biyar a ɗaki ɗaya, ta san takardar fita da dawowa ba a hannunsa take ba, ta san ya nemi hutu tun kafin azumi aka hana shi. Ta kuma san kazar da ke hannunta da kuɗin wa aka saye ta, don gabanta aka karanta saƙon da ya turo. Irin wannan ba tsokana take yi ba, wurin da ke ciwo take nema ta danna, sannan in an yi magana ta ce wasa ne. Na buɗe baki, Baffa ya danne min gwiwa. Hajiya ba ta ɗago ba, ta ce wa wata yarinya ta ƙara wa baƙuwa miya. A gidan da aka aurar da ita shekara ashirin da suka wuce aka kira ta baƙuwa, kuma ta ji.

Bayan isha'i, an watse, na shigar da hoton ɗakin Hajiya ina neman ƙusa. Na ce gobe zan mayar wa mai hoto ya gyara hannuwan nan da Kawu ya gano. Ta ce ba sai Kawu ya faɗa mata ba, tun da aka yaye zani ta ga babu tabon ƙunar da Yaya ya samu a babban yatsa yana shekara shida, ranar da ya ɗauki murfin tukunya. Ta ce a bar shi haka, ɗan Baffa ma nata ne.

Ina tsaye a kan kujera ina daidaita firam ɗin sai ta matso ta ƙura wa layin baya ido, ta dubi cikina, ta sake duban hoton.

"Kai kuma," ta ce, "tumbin naka a Jidda ka baro shi?"