Na'ura ta ce ina ciki

Bikin kaɗe-kaɗe ne na kwana uku a Abuja, kuma ba a shiga da tikitin takarda. Wani ƙyalle ne mai kama da igiyar agogo ake zura wa mutum a wuyan hannu, da ɗan makullin roba mai haƙora a ciki: yana matsewa, amma ba ya sakewa. In ka yanke shi, kuɗinka sun bi ruwa. Yarinyar da ta sa mini ta ce, "Baba, a bar wurin yatsa ɗaya." Na ja shi har ƙarshe, don ban yarda da ɓarayin Abuja ba. Ranar, wajen alwala, da ƙyar ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashinsa.

Ɗan wana, wanda bai sayi tikiti ba, ya zo da sabulu da man gyaɗa wai zai zare shi ya ɗana. Hannuna ya yi ƙamshin ƙuli-ƙuli, ƙyallen ko gezau. Ko da ma ya fita, a banza ne. A jikinsa akwai ɗan fai-fai mai lamba, kuma kowace ƙofa da na'urarta. Za ka shiga, ka kara hannu, ta rubuta ka shiga. Za ka fita, ka sake karawa, ta rubuta ka fita. Lambar da ke ciki ba ta sake shiga sai ta fita, don kada na ciki ya jefo wa abokinsa ƙyalle ta kan shinge.

A rana ta biyu yunwa ta taso ni, ga tsiren cikin fili da tsadar tsiya. Sai na hangi ƙofar 'yan kasuwa a buɗe, na bi bayan wani mai ɗauke da ƙanƙara, na je na ci masa da miyar taushe a bakin titi.

Da na dawo na kara hannu, fitila ta yi ja.

"Alhaji, ai kana ciki," in ji mai gadi.

"Ni da nake tsaye gabanka?"

"Na'ura ta ce tun ƙarfe huɗu kana ciki."

"To ɗana, shiga ka kira mini ni, ka ce ina neman kaina a ƙofa."

Bai yi dariya ba. A ganinsa, abu biyu ne: ko na kauce wa na'urar fita, ko ƙyallen wani ne a hannuna. Aka kai ni rumfar ƙorafi. Wata jami'a ta duba katina na ɗan ƙasa da rasit a wayata, sannan ta jujjuya ƙyallen tana neman alamar yanka, ɗinki ko gam. Ta shinshina man gyaɗan, ta yi mini wani kallo. Abin da ya cece ni shi ne matsin nan: ko tsinke bai shiga, balle a ce aro na yi.

Ta kara hannuna a tata na'urar, fitila ta yi kore. Na miƙe na nufi fili.

"Ina zuwa, Baba? Yanzu ne fa ka fita. Sai ka je ka bi layin masu shiga."

Layin kuwa ya kai har gidan mai.