Gida Goma, Allo Biyu

Kanwarka ta kira ka karfe tara na dare: “Yaya, Netflix ya ce mutane sun yi yawa a asusunka.” Ai dole. Tsarin Standard ka biya, wanda ke barin allo biyu su yi kallo lokaci guda, amma lambar sirrin ta zaga dangi har ta kai ga makwabcin surukinka.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, masu kallo a wannan lokacin ake kirgawa. Waya ashirin na iya shiga asusun, babu mai cewa uffan kan yawan allo, sai mutum na uku ya danna fim. Bude wa kowa bangarensa da sunansa ba ya kara allo ko daya.

Don sama wa kanwarka allo, ka fara da kashe talabijin din falo, wadda Baba ya bari tana yi wa kujeru wasa. Idan bai wadatar ba, shiga Manage Access and Devices ka fitar da bakin na'urori, sannan ka canza lambar sirri, in ba haka ba kafin sallar asuba sun dawo. Ko ka koma Premium mai allo hudu.

Wanda ya fara kira yana tambayar lafiyarka bayan canjin, shi ne mai cinye maka allo.