Masu Kai Gaisuwar Zaure Cikin Imel

Na daɗe ina duba wa 'yan kasuwar Dawanau imel kafin su tura wa masu sayen riɗi a Turai, har na kai ga gane mutum daga layinsa na farko.

Akwai Sarkin Gaisuwa. Shi imel zaure ne a wurinsa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, duk sai ya juye su Turanci. Zai rubuta "How was your night?" da zuciya ɗaya, Bature kuwa ya yi tsuru yana tunanin ina ruwan mai riɗi da darensa. Abin da ya kawo shi na can sakin layi na huɗu, inda mai karatu a waya ba ya kaiwa.

Sai Malam Sannu, wanda ya fi ba ni tsoro. A wurinmu sannu jaje ce, ko tuntuɓe ka yi za a ce maka. Kwantena ta maƙale a tashar Apapa, ba laifinsa ba, amma ya zuba "sorry" sau biyar. A wasiƙar ciniki, mai saye yana iya ɗauka an amsa laifi ne, gobe sai ka ji yana neman ragi. Da ya faɗi inda kaya suke da ranar da jirgi zai tashi, da an wuce wurin.

Mai Kunya ba ya iya cewa a'a. "Zan duba" ɗinmu, da kowane Bahaushe ya san sallama ce, sai ya mayar da ita "I will try". Bature ya sa a kalanda, ya zauna jira.

Gwarzonsu shi ne Maroƙin Haƙƙinsa. Wani Alhaji yana bin cikon dala 18,000, wa'adi ya wuce da mako uku, amma ya buɗe da "I humbly beg", kamar mai neman aikin masinja a wurin Di'o. Na ce, "Alhaji, bashi kake bi ko zakka kake nema?"

"Kai yaro, ba a tambayar babban mutum kuɗi gatsau."

Na sa lambar takardar kuɗin a kan imel ɗin, na rubuta:

```
Dear Mark,
The balance of $18,000 is three weeks overdue.
Please pay by Friday 14 March.
Best regards,
```

"Please" guda ɗaya ita ce duk ladabin da ake bukata. Sauran ladabin shi ne kada ka ci wa mutum lokaci. Alhaji ya karanta, ya gyara hula, ya ce wannan ai rashin tarbiyya ne. Da ƙyar ya bari na tura. Ina juya baya ya kira mutumin a waya, wai ya ba shi haƙuri, ya kuma tambayi lafiyar iyali.