Katin Suna Mai Faɗin Gaskiya

Katin suna a ƙasar Autan Bawo layi uku ne: iyalan wane na gayyata, ƙarfe kaza, Allah ya ba da ikon zuwa. Ainihin sharuɗɗan kuwa, waɗanda a kansu ake shekara ana gaba, ba mai rubuta su. Da ni ne mai buga kati, ga abin da zan buga:

"Assalamu alaikum. An sauka lafiya ranar Talata, don haka suna sai Talatar da za ta zagayo, a gidanmu da ke cikin garin Rano.

Maza, naku bayan sallar asuba ne a ƙofar gida. Liman zai raɗa suna, a shafa fatiha, a raba goro da dabino da alawa, kowa ya kama gabansa. Wanda ya taso daga Kibiya bayan hantsi, sai ya nemi sunan a bakin wanzami. Kada ya tambayi mai jego. Ɗan fari ne, har ya yi gemu ba za ta kama sunansa ba.

Mata, mun rubuta ƙarfe 2. Mun san sai bayan la'asar za ku zo, kun kuma san mun sani. Wadda duk ta zo ƙarfe 2 daidai, ta taho da zanin aiki, akwai albasa.

Abin da za a riƙo: sabulu, turmin atamfa, kayan jariri ko kuɗi. Mun ce 'zuwanku ma ya wadatar', amma faɗa ce kawai. Gwaggon mai jego za ta zauna bakin gado da littafi, kuma ba ta mantuwa. Biki bashi ne, ninkawa ake yi. Wadda muka kai wa 2,000 a sunan ɗanta bara, 4,000 muke jira. Idan ta kawo 2,000 ɗin cif, mun gane, ta yanke bikin ke nan, Allah ya ba da haƙuri. Masu cewa 'na tura, sabis ne ya riƙe', tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 muke jin wannan karatu. A nuna shaida kafin a karɓi waina.

Wadda ta zo barka hannu rabbana, ta sha kunun kanwa kofi uku, ta kuma ci ƙauri, ita ma sunanta na shafi na daban.

Jariri kuma a ce 'Allah ya raya', a tsaya nan. Ba mu buƙatar bincike kan hancin wa ya ɗauko. Kakanninsa sun riga sun raba gaɓoɓinsa tsakaninsu.

Rago ɗaya ne, ba ya haihuwa. Sai washegari za a yi rabo, bayan an fitar da na wanzami da na ungozoma, dangin uwa da na uba kowa ya sa ido. Saboda haka a bar manyan ledoji a gida. Wadda tata ta riga ta shige jaka, ta cika ta da ƙanzon tuwo, muna da shi tukunya biyu."