Allon Miliyan, Wayar Kwandon Tarkace

Mutum ya zuba kuɗi ya sayo allon kwamfuta mai 4K, sannan ya laluba kwandon tarkace ya zaro wayar HDMI ta tsohuwar dikoda ya jona. Hoto ya fito tangaran, amma kibiyar linzami tana tafiya tana ɗingishi. Sai zagin mai shago.

Mai shago bai ci amanar kowa ba. Allon 4K yana da ɗigo 3840 sau 2160, sama da miliyan 8. Sabunta su sau 60 a daƙiƙa yana cin kusan gigabit 12, alhali HDMI 1.4 iyakarta 10.2. Buhun gero ne aka ɗora wa akuya. Idan ramin HDMI ɗin ne tsohon yayi, kwamfuta takan koma 30Hz shiru abinta, sai kibiyar ta riƙa ɗingishi. Idan wayar ce ta gaza, hoton yakan riƙa ƙyaftawa ko ya ɗauke.

A Windows 11, shiga Settings, System, Display, sannan Advanced display, ka duba Choose a refresh rate. In 60Hz na nan, zaɓe shi, magana ta ƙare. In kuwa hoton ya fara ƙyaftawa, nemi waya mai tambarin Premium High Speed, wadda ke ɗaukar gigabit 18. In babu 60Hz ɗin, koma DisplayPort 1.2. Leƙa bayan allon kuma, don wani ramin 1.4 ne, na kusa da shi 2.0.

Amma in ramin kwamfutar kansa 1.4 ne, ko wayar zinariya ka sayo, 30 ɗin nan dai za ka gani.