Zuwa Ga Allon Hana Ajiye Mota

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan rana ba ta ƙarasa cinye fentinka ba. Na rubuto ne a madadin masu shigowa Kantin Kwari, Singa da Sabon Gari da mota, don mu ji a ina kake kwana. Da safe ba ka nan. Sai mutum ya kashe mota, ya kulle, ya shige layin 'yan atamfa, sannan ka leƙo daga bayan lemar mai lemo, da harafinka na P da jan layin da ya kusa gogewa. Kafin ya fito an sace iskar taya, ko motar janwe ta yi gaba da abarsa.

Ba mu ce ba ka da gaskiya ba. Mota ɗaya a bakin kwana ta isa ta tsayar da a-daidaita-sahu har Bata. Amma ranka ya daɗe, tara iri biyu ce. Ta gwamnati tana zuwa da takarda mai sunan laifi da lambar mota, a biya ta banki ko asusun hukuma, a karɓi rasit, a saki mota. Ɗayar kuwa ba ta san biro ba. Tana farawa da “Alhaji, ya za a yi?” kuma farashinta yana bin tsadar shaddar da ke jikinka. Wadda ake taya ta kamar tumatir, aljihu za ta. Mai jan ƙafa kuma ya sani, motar da ta kwana a hannu kan tashi da kuɗin janwe da na kwana.

To, mai tsoronka sai ya gudu lungu, inda ba ka da iko. Can ma akwai masu karɓar tasu tarar, su kuma ba sa ciniki. Madubin gefe da batir su ne na farko. Ƙwararru kan kwanta ƙarƙashi su yanke indomi, tukunyar nan ta jikin salansa da ake saye saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Mai mota ba zai sani ba sai ya tayar, ya ji Corolla tana ruri kamar injin niƙa.

Shi ya sa muka koyi zana lambar mota a jikin madubi da gilashi, mu sa wa sitiyari makulli, mu ɗauke jaka daga kan kujera, mu ja hannun ƙofa bayan rimot ya yi ƙara, don ƙarar ba shaida ba ce. Da dama a cikinmu sun gwammace filin da ake biya a ba da kati, muddin akwai maigadi.

Roƙonmu kaɗan ne. A sake maka fenti, a ɗaga ka sama da lema, a kuma kafa maka ƙani mai kibiya da zai nuna mana inda aka halatta.

Naka mai biyayya bisa tilas,
Wani mai tsohuwar Corolla, Kano.